Digirin Malama Salome

Malama Salome ta taso daga Auna zuwa Kontagora da sabon digiri a jaka, bakinta har kunne. Shekara da shekaru tana koyarwa a firamare da NCE, ga shi za a tantance takardun malamai. Duk wanda aka kama da ta bogi, sallama ce.

Sai ta biya ta gidan Jawahir, ƙawarta da ke aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwaleji, don a taya ta murna. Jawahir ta juya takardar, ta ce, "Yaushe kika yi jarrabawa?"

"Ba su yi mini ba. Sun ce daɗewata a aiki ta isa."

Jawahir ta jawo kwamfuta. Ta duba sunayen jami'o'in da NUC, mai kula da jami'o'in Najeriya, ta amince da su, babu wadda ta ba Salome digirin. Salome ta ce ai ta ƙasar waje ce, kuma ga tambarin hukumar da ta tantance ta. To, hukumar ma babu ta a rajistar gwamnatin ƙasar da ake cewa tana can. Shafinta da na jami'ar rana ɗaya aka yi musu rajista, bara. Adireshin kuwa, da aka sa shi a taswira, wurin wankin mota ya fito.

"Ni ban yarda ba," in ji Salome. "Kira su."

Jawahir ta kira lambar WhatsApp ta jami'ar. Wani namiji ya ɗauka da Turanci mai laushi, a bayansa zakara na cara. Ta kashe, ta kira ta hukumar, wadda aka ce tana wata nahiyar daban. Muryar nan ce dai. Zakaran ma bai gama cararsa ba.

Salome ta karɓi kwamfutar tana gangarawa ƙasa, ko Allah zai sa ta ga abin da zai ƙaryata kunnenta. Sai ta iso shafin tsofaffin ɗalibai. Ga ta nan. Fuskar hoton fasfo ɗin da ta tura musu ce, an ɗora ta a jikin wata doguwar mace mai rigar yaye ɗalibai, da hannaye farare sol. A ƙasa an rubuta sunanta da makarantarta, wai ta ce jami'ar ta canja mata rayuwa.

Tana cikin kallon kanta wayarta ta yi ƙara. Promise ce, ƙaramar malamar da Salome ta koya wa riƙe alli.

"Mama, ashe haka kika ɓoye mana! Da na gan ki a shafin na ce tunda ke ce, babu tambaya. Mu huɗu muka yi. Yanzun nan muka miƙa namu a ofis."