Buhun Ure Arba'in na Halidu

Tun da Halidu ya komo daga Yamai da takardar stajinsa, wato shaidar ɗan horon da ya yi, da tabarau mai farin gilashi, mutanen kasuwar Madawa suka zama jahilai a idonsa. Kawunsa Alhaji Shu'aibu, wanda ya tsufa yana saida iri da takin zamani, shi ya ba shi riƙon butik, wato shagonsa, don ƙafa ta fara damunsa kuma ƙanwarsa ta matsa a sama wa ɗanta abin yi.

Abu na farko da Halidu ya yi, ya sa aka sayi ordinata, wato kwamfuta. Na biyu, ya ƙirƙiro abin da ya kira kit ɗin albasa: gwangwanin iri ɗaya, buhun takin zamani kenz-kenz ɗaya, buhun ure ɗaya, wato farin takin nan, da kwalbar maganin ƙwari. Gaskiya dabarar ba ta da laifi. Kit ba shi da wani tari nasa a magaza, ɗakin ajiyar kaya. An faɗa wa na'ura abin da ke cikinsa, in an danna an sai da ɗaya, sai ta cire ɗaiɗaya daga kowane kaya huɗun. Kuma kit nawa suka rage, tana duba kayan da ya fi ƙaranci ne ta faɗa. Ya shigar da ɗari-ɗari na kowanne, ya rataya allo a bakin ƙofa da Faransanci, ko da yake masu sayen ba su karanta shi.

Makwabcinsa Mansur, mai butik irin nasu, har yanzu da ido da yatsa yake ƙirga buhunansa kowace safiya. Halidu kan leƙa ya ce, "Mansur, har yau kana zamanin jakkai? Ni daga kujerata nika ganin magazata."

Daga kujerar kuwa yake gani, don magazar tana tsallaken hanya, kuma warin taki ba ya jituwa da shaddarsa. Makulli yake miƙa wa duk ɗan dakon da ya samu, ya faɗa masa abin da zai ɗauko.

Da lokacin dashe ya gabato, manoma suka yi ta zuwa. Wani daga Bangi ya ce shi ya zuba takin dabbobi sosai, ba ya son kenz-kenz, a ba shi ure biyu a madadinsa.

"Ba matsala," in ji Halidu, ko ɗaga kai bai yi ba. "Kai, ɗauko mishi ure biyu."

Ya danna kit ɗin albasa kamar kullum. Na'ura ta cire kenz-kenz ɗaya, ure ɗaya. Ɗan dako ya fito da ure biyu. Akwai wurin da ake gyara layin a allon, a sauya wannan da wancan kafin a rufe ciniki, Halidu ma ya sani. Amma yana hira a waya, kuma a ganinsa buhu buhu ne. Manomin ya koma ƙauye ya ba da labari, sai masu son musanya suka yawaita. Cikin kit sittin da ya saida, talatin da biyar haka suka fita.

Wata Laraba Inna Dije ta kira. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu lambu a Tabotaki, mace mai kaifin harshe da ba ta son a maimaita mata magana. Kit talatin suke so, cikakku, yadda malamin gona ya tsara musu.

Halidu ya dubi allo. "Arba'in gare ni, Inna. Ku taho da mota."

"Ka tabbata? Hanyag ga ba ta wasa ba ce, kuma haya muka ɗauka."

"Inna, nan ba a aiki da tsammani. Kimiyya ce."

Ranar kasuwa suka iso cikin wata tsohuwar kamyo, ita da mata uku da direba, sun sha girgizar duwatsun Buza. Alhaji Shu'aibu ma ya zo ranar, yana zaune kan tabarma ya miƙe ƙafa. Halidu ya gyara tabarau, ya buga kit talatin, na'ura ta karɓa ba gardama. Ya juya allon don matan su gani, ya miƙa makulli.

Iri ya fito, magani ya fito, kenz-kenz talatin suka hau mota. Sai ɗan dakon ya dawo yana goge wuya.

"Ure biyar suka rage."

"Ba ka iya ƙirga ba. Koma."

"Biyar dai. Ko makaho ya lalaba ya ji."

Halidu ya tsallaka hanya da kansa, karo na farko tun da aka sauke kayan. Kenz-kenz jibge har kusa da kwano, kusurwar ure kuwa fayau, sai buhu biyar jingine da bango. Ya tsaya yana kallonsu kamar za su haihu. Da ya dawo, kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce sata. Ɗan dakon ya ce amma kenz-kenz ya fi yadda na'ura ta faɗa yawa.

Alhaji ya ce, "Ɓarawon da ya ɗauki ure ya aje muna kenz-kenz a wurinsa, ai mutumin kirki ne. Ina son in gan shi."

Halidu ya juya wajen Dije da murmushin da bai zauna ba. "Inna, abu mai sauƙi ne. Sai in cika muku da kenz-kenz. Duk taki ne."

Dije ta dube shi daga hula har takalmi. "Duk taki ne. To gero da dawa ma duk hatsi ne, ɗana, je ka faɗa ma uwarka haka ranar da taka son fura. Mu mun aje gonakinmu, mun biya mota, don ka ce kimiyya. Ashe kimiyyar ba ta tsallaka hanya."

Matan suka kwashe da dariya, direba ma ya juya baya yana tari.

"Mi kaka yi in mutum ya ce a musanya mishi?" Alhaji ya tambayi Halidu a hankali.

"Ina ba shi."

"Ita fa, kana gaya mata?" Ya nuna ordinata da sandarsa.

Halidu ya fara bayani da Faransanci. Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Wato ba ka gaya mata. Tashi ka tafi wajen Mansur ka roƙo ure ashirin da biyar."

Taku kaɗan ne tsakanin butik biyun, amma Halidu ya yi su kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Mansur ya saurare shi da ladabi mai yawa, irin wanda ya fi zagi ciwo.

"Bari in duba," ya ce, ya shiga ya taɓa buhunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana ƙirga da ƙarfi don a ji a waje. "Akwai. Amma Inna Dije ta zo da kanta, ni da mai kaya nika ciniki."

Haka aka yi. Aka soke kit ashirin da biyar a na'ura, aka sake buga iri da magani da kenz-kenz ɗaiɗai, Dije ta ɗauki urenta wajen Mansur, ta kuma karɓi lambarsa. Ko sallama ba ta yi wa Halidu ba.

Da la'asar Alhaji ya sa shi ya tuɓe babbar riga ya shiga magaza ya ƙirga komai da hannunsa, ya gyara adadin a na'ura, ya kuma buɗe kit na biyu mai ure biyu ba kenz-kenz, don masu musanya. Ya yi, fuska a murtuke, idanu na hawaye saboda warin taki.

Washegari aka ji shi a teburin mai shayi yana faɗa wa jama'a cewa lojisiyel ɗin, wato manhajar na'urar, shi ne ke da cuta. Har ya kira wanda ya saida masa a Yamai, ya buɗe murya don kowa ya shaida. Mutumin ya yi tambaya biyu, ya ce, "To malam, abin da ka faɗa mata shi ta cire," ya kashe waya. Halidu ya dubi wayar, ya ce rezo ne, sabis ɗin waya ya yanke, ya nemi a ƙara masa sukari.