Rami na Uku a Farantin Baba Bukar

Ni dai tun ina yaro aka ce gaggawa ce za ta kashe ni. Ba ta kashe ni ba, amma saura ƙiris ta kashe mini tattasai.

Gonata tana Geskeru, bakin Komadugu. A shekarar da nake faɗi, tattasai ya fara fure ke nan sai injin ban-ruwa ya tsaya. Akwai wani farantin ƙarfe da ke haɗa inji da kan famfo, shi ne ya tsage gida biyu. Kwana uku babu ruwa, ganye ya fara lanƙwasa kai. Na ɗora injin a mota na nufi Diffa, na zagaye masu sayar da kayan inji kaf, kowa ya duba sai ya girgiza kai. A ƙarshe wani Badamagare ɗan'uwana ya ce, "Mamman Sani, je wurin Baba Bukar bayan tasha. In bai yi ba, ka haƙura."

Baba Bukar tsohon Babarbare ne, siriri, daga Damasak ya ƙetaro lokacin gudun hijira. Rumfarsa ta langa-langa ce, da tebur, da matsin ƙarfe, da injin walda. Ya juya farantin a hannu kamar mai sayen kifi.

"Sabo za mu yi," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Bayansa manne yake da inji, babu wurin noti. Sai an yanka haƙori a cikin ramin kansa."

"Baba, motar ƙarshe da la'asar take tashi fa."

"To, ta tashi mana. Zauna."

Haba! Ni da zuciyata ke tafasa, shi ga shi yana aune-aune. Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya ɗora tsohon farantin a kai ya fitar da ramukan da farantin zai kama jikin inji da na tsakiya, sannan ya buga alamar ramuka huɗu na bulon, ƙusar nan mai haƙori da ake ɗaura wa noti, inda kan famfo zai zauna. Da na ga ƙarfen hudar da ya ɗauko na ce, "Baba, ai bulon ɗin lamba goma ne, wannan ya yi ƙanƙanta."

"Takwas da rabi," ya ce. "In na huda goma, me haƙorin zai ci? Iska?"

Wanda bai san gari ba ai shi ke yawan nuna hanya.

Sai ya kwance wani tsumma, ya fito da ƙarafa uku masu kama da bulon, sai dai an tsaga jikinsu a tsaye. Taro ake ce musu. Na farko bakinsa siriri, shi ke buɗe hanya, na biyu ya zurfafa, na uku ya gyara. Ya ce ranar da suka gudo, su kaɗai ya cusa a aljihu, ko hula bai ɗauka ba.

Ya matse farantin, ya ɗaura na farko a mariƙi mai hannu biyu, ya ɗiga mai, ya kafa shi a ramin. Juyi biyu, ya tsaya, ya jingina ma'aunin kusurwa ta nan da ta can, don in taro ya shiga a karkace, bulon ma a karkace zai tsaya. Daga nan ya kama aiki. Rabin juyi gaba, ɗan juyi baya. In ya koma baya sai ka ji ƙas, ɓarɓashin ƙarfe ya karye ya faɗo. Wallahi hannun tsohon nan kamar yana jin maganar ƙarfe. Ya burge ni ƙwarai, amma idona na kan rana.

Rami biyu ya gama, ya kafa taro a na uku, sai aka kira azahar. Muka tafi masallaci tare. Ni ana sallamewa ko addu'a ban tsaya ba, Allah Ya yafe mini, na dawo rumfa. Ga taro a tsaye cikin rami. Na ce a raina, wannan komawa baya ai ɓata lokaci ne irin na tsofaffi. Ni da nake ɗaure bulon a injina kullum? Na kama mariƙin na murɗa. Ya tafi. Na ƙara, ya yi tauri. Na sa ƙarfi irin na mai noma.

Ƙas!

Wannan ƙas ɗin ba irin na Baba ba ne. Rabin taro na hannuna, rabi na cikin farantin. Innalillahi! Gumi ya keto mini. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Bukar ya dawo, ya dubi faranti, ya dubi hannuna. Na fara, "Baba, don Allah..."

"Gaba kawai ka yi, ko?"

"Gaba kawai."

"Ɓarɓashi ya cika tsagar, ya shaƙe shi. Taro tauri gare shi, ba ya lanƙwasa, karyewa yake." Ya karɓi guntun, ya daɗe yana kallo. "Shekara talatin da ɗaya yana hannuna," ya ce, shi ke nan. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Guntun da ya maƙale ya ɗan leƙo sama. Ya ɗora noti a kai, ya yi walda ta cikin notin, ya bari ya huce da kansa, ya zuba mai, ya riƙa kaɗa shi da sifana gaba da baya har ya warwaro. Sai ya ɗauki rabin da ya rage ya nufi dutsen washi. Ya taɓa, ya tsoma a ruwa, ya taɓa, ya tsoma, wai in ƙarfen ya yi shuɗi taurinsa ya tafi. A hankali ya fitar masa da sabon baki. Ya gajarce, amma ya ci ramin na uku tsaf.

Ina ji aka kira la'asar, na san mota ta tafi. Wa zan gaya wa?

Ya yanko sandunan ƙarfe huɗu, ya goge bakinsu da zarto don su karɓi haƙori, ya sa wani zoben ƙarfe mai haƙora a ciki, filiyar ake ce masa, ya yanka musu nasu a waje, da mai, da wannan komawa bayan dai. Sannan ya kafa taron a rami na huɗu, ya daidaita, ya ja da baya.

"Zo, ɗana."

"Ni? Baba, rufa mini asiri."

"Hannun da ya karya shi ne zai koya. Kama. Kar ka danna, juya kawai."

Na kama. Rabin juyi, na ji ya fara nauyi. "Koma," ya ce. Na koma, na ji wannan ƙaramin ƙas a tafin hannuna. Haka muka bi da taro na ɗaya, na biyu, na uku. Da ya sa sandar, da yatsu biyu ta shige, ba girgiɗi.

Washegari da hantsi na isa gona. Fangali biyu na can sama, inda ƙasa ta fi yashi, sun ƙone, fure ya zube. Da jiya na zo, da sun sha. Wannan ni na kashe su, ba inji ba.

Na ɗaura farantin, na zura kan famfo. Ya zauna a kan sandunan huɗu lokaci guda, ko guduma ban taɓa ba. Na ƙulle noti, na cika famfo da ruwa, na ja igiya. Inji ya yi tari, tiyo ya kumbura, Komadugu ta hau tudu ta shiga fangali na farko, ƙasa tana sha tana ƙara. Na leƙa mahaɗar ko zan ga ɗigo. Babu ko ɗaya, har ta wajen ramin da na yanka da hannuna.

Na zauna a kan kunya, ƙafafuna cikin ruwa, ƙato da ni, ina hawaye ina kiran sunan tsohon nan ina sa masa albarka.