Fuskar Jariri a Jikin Kwali

Yayata irin mutanen nan ce da ko sabulu za ta saya sai ta juya bayansa ta karanta. Ni kaina tana ƙona mini rai da wannan hali. Ranar da muka shiga kantin kayan wasan yara mu uku ne: ni, da ita, da yayar mijinta wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Gwaggo ce ta yi alkawarin saya wa ɗan Yaya abin wasa. Shekararsa biyu, muna ce masa Kwamanda saboda kowa aikensa yake yi.

Gwaggo ta ɗauko wani kwali mai sheƙi daga kanta ta sama: ’yan sanduna masu launi da ƙwallayen ƙarfe, ana manna su a gina gida ko gada. Yaya ta karɓa, ta juya shi kamar yadda ta saba. A gaba an rubuta shekara shida zuwa sama. A gefe ga jar da’ira an ja mata layi, cikinta fuskar jariri ya ɓata rai, da sifili zuwa uku. A ƙasa kuma gargaɗi ne cewa akwai ƙananan abubuwa da za su iya shaƙe yaro, akwai kuma maganaɗisu, wanda in aka haɗiye sai an garzaya asibiti.

Cikin ladabi Yaya ta ce a canza, wannan ya fi ƙarfin Kwamanda.

Wayyo, kamar ta zagi kakanninsu. Gwaggo ta ce wato ɗan ƙaninta daƙiƙi ne ke nan? Yaron da ke buɗe wayar ubansa da kansa? Ta ce wannan lamba ta ’ya’yan wasu ce, jininsu ba a auna masa basira da kwali. Yaya ta ce ba basira lambar ke aunawa ba, maƙogwaro ne da baki, ɗan shekara biyu komai wayonsa abin da ya samu a baki yake sawa. Ta nuna mata ƙwallon a hoto, ta ce duk abin da zai wuce ta cikin kwalin takardar bayi bai kamata ya zo hannunsa ba.

“To, Malama, mun ji karatu,” in ji Gwaggo, ta miƙa wa mai kanti. Shi ko ya sa a leda yana kallon rufi.

A gida Yaya ta ɗora kwalin can saman kabad. Da Gwaggo ta zo ba ta ga abin a hannun yaron ba, sai ta kai ƙara wurin ƙaninta, wai an raina kyautarta. Mijin Yaya mutum ne da ke tsoron fushin yayarsa fiye da gobara. Shi da hannunsa ya sauko da shi, ya zazzage a kan kafet, ya ce Yaya ta zauna ta sa ido, ai aikinta ne. Ta sa ido kuwa, iya yadda mai tukunya a wuta da wanki a baho za ta iya.

Ba shaƙewa yaron ya yi ba, shi ya sa ba wanda ya farga. Ya tauna bakin sanda ne, ’yan maganaɗisun ciki suka fita. Amai ya fara, aka ce haƙori ne. Sai ya daina aiken kowa, ya kwanta yana naɗe ƙafa. Yaya ce ta ga sandar da ramuka a bakinta, ta saɓa yaron sai asibiti ko mayafi babu.

Likita ya ɗaga hoton cikin ya nuna mana fararen ɗigo biyu manne da juna. Ya ce ba tare ya haɗiye su ba, kowanne ya bi nasa lungun hanjin, sai suka jawo juna ta jikin nama har suka huda. Aka shiga da shi tiyata, aka yanke wani ɓangare na hanjin. Aka ce mu jira, ba a san yadda zai tashi ba.

Muna zaune a bencin baranda, ga warin maganin goge ƙasa, Gwaggo ta iso da kuka. Wallahi na ɗauka gafara ta zo nema, har na matsa mata wuri. Sai ta tsaya a kan Yaya ta ce ita tsohuwa ce, ina ta san wani maganaɗisu, alheri kawai ta yi niyya. Na miƙe zan gaya mata abin da ba ta taɓa ji ba, Yaya ta riƙe mini zani. Mijinta take kallo, tana jiran ya faɗi wanda ya sauko da kwalin.

Ya daɗe yana murza makullin mota kafin ya ɗago.

“Mu ba mu karanta ba,” ya ce. “Ke kin karanta, kin san abin da ke ciki, kuma kika bar shi ya taɓa. In wani abu ya sami yaron nan, kada ki dawo mini gida.”

Da ma’aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mutum ɗaya zai iya shiga ya gan shi, Gwaggo ce ta share hawaye ta shiga.