Makin Dogo

Tun da aiki ya ja baya a ɗan kamfanin feshin ƙwari da mahaifinsu ya bar musu, Yaya ya ce mota biyu ta yi musu yawa. Za a sayar da ɗaya, kuma ɗaya daga cikin masu feshi biyu zai tafi. Don kada a ce ya yi son kai, ya ce masu ba su aiki ne za su yanke hukunci. Auta, ƙanwarsa mai zaman tebur, ita aka ɗora wa bugun waya.

Tambaya biyu ya rubuta mata. Ta farko: daga ɗaya zuwa biyar, yaya kuka gamsu da aikin? Ta biyu: daga sifiri zuwa goma, yaya yiwuwar ku tallata mu wurin aboki ko ɗan'uwa? Ya koya mata lissafin a tsaye, makullin mota a hannu. Mai tara ko goma masoyi ne. Mai bakwai ko takwas ɗan ba-ruwana ne, ba a sa shi ko'ina. Daga shida zuwa ƙasa mai kushe ne. A cire kason masu kushe daga kason masoya, abin da ya rage shi ne maki.

"Ta biyun ita ce magana," in ji shi. "Kowa zai ce ya gamsu don kunya."

Masu feshin, ɗaya Dogo ne, wanda ya fara aiki tun zamanin mahaifinsu, har warin magani ya kama rigunansa. Ɗayan kuwa ana ce masa Ɗan Kwalisa, saboda ko rigar feshi sai ya goge ta. Shi ake tura wa ofisoshi da shaguna, wurin gara da ɓera. Dogo ke shiga gidaje, ya kwance gado, ya ɗaga katifa, ya bi ɗinkinta da tocila.

Auta ta jira feshi ya kwana biyu kafin ta kira kowane gida, ta karanta tambayoyin yadda suke, ba ta ƙara ko kalma ba. Mutum ashirin-ashirin suka amsa. Ɗan Kwalisa ya samu masoya goma sha biyu da masu kushe biyu, maki hamsin ke nan. Dogo ya samu masoya biyar, masu kushe goma sha biyu. Ta lissafa sau biyu: talatin da biyar ƙasa da sifiri.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne tambayar farko. Kusan duk gidajen Dogo maki biyar suka ba shi. Mace ta ce biyar da murya mai daɗi, har da sa albarka, sannan a tambaya ta biyu ta ce sifiri ta kashe waya.

Ta sake kiran ɗaya daga cikinsu, wata mai ɗinki.

"Don Allah Anti, ki yi haƙuri, me ya sa kika ce sifiri?"

"To me zan ce? Ke yarinya, in tashi in je gidan ƙawata in ce mata kuɗin cizo ya cinye mana gado? Gobe wa zai kawo mini ɗinki? Ai ko uwar mijina ba ta sani ba. Shi kansa mutumin naku na roƙe shi ya ajiye mota a bayan layi, ya shigo da tankinsa a buhu."

"Amma aikin ya yi?"

"Barci muke har da minshari. Allah ya saka masa."

"To da wata za ta zo da kanta ta gaya miki tana fama da shi, za ki turo ta wurinmu?"

"Wannan kuma ai goma. Da haka kika tambaya."

Ta kira wasu shida. Biyar suka faɗi kusan magana ɗaya. Na shidan shi kam da gaske ya ji haushi, don Dogo ya makara ya sa shi rasa rabin wunin aiki.

Ta samu Yaya a ɗakin ajiya yana duba jarkokin magani. Ta ja ƙofa.

"Yaya, makin nan ba aikin Dogo yake aunawa ba. Kunyar mutane yake aunawa. Wanda aka kashe wa gara a ofis zai faɗa wa kowa. Wanda aka kashe wa kuɗin cizo ba zai faɗa ba ko da aikin ya fi kowanne kyau. Mun haɗa gida da ofis a ma'auni ɗaya. Kuma mutum ashirin ba su isa a kori mutum a kansu ba. Ga shi ba mu tambayi kowa dalili ba."

"Kin canja tambaya ke nan."

"Na gyara ta."

"Ba a canja wa mutum ɗaya tambaya bayan an ga sakamako."

"Gaskiya ne. To a sake yi wa duka biyun da sabuwar. Kuma ka sani, wani manaja ya gaya mini Ɗan Kwalisa kafin ya fita sai ya ce, idan ƙanwar maigida ta kira a taimaka masa da goma."

Yaya ya yi murmushi kaɗan. "Shegen yaro."

"Abin da za ka ce ke nan?"

Ya ajiye jarkar. Bai dube ta ba. "Auta, duk abin da kika faɗa na sani. Ofisoshi ke riƙe da mu, kuma yaron nan suke so. Dogo ya goya ni a wuyansa. Ki gaya mini da wane baki zan ce masa ya tafi. Amma in na ce masu gida ne suka ce, ba ni na ce ba."

"Sai ka sa ni na tara maka hujja."

"Ki buga mini shafin maki kawai. Ban da tambayar farko."

Ta tuna ɗakin da take kwana da 'ya'yanta biyu a gidan Yaya yake. Ta fita ta buga.

Washegari Dogo ya fito daga ofishin Yaya da takardar a ninke. Ya cire rigar feshi ya rataye a ƙusarta, ya wanke tanki kamar kullum, ya kife shi. Sannan ya zo gaban teburinta.

"Autar Baba, ba faɗa na zo yi ba. Gidajen nan goma sha biyu, ki faɗa mini su. In akwai inda na bar ƙwai, in koma in ƙarasa. Ba sai an biya ni ba."

"Kawu, babu inda ka bar komai. Kunya suke ji su ce ka shiga gidansu. Shi ke nan sifirin."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya dubi ƙofar Yaya da ke rufe.

"Shi ma ya san haka?"

Ta mai da idonta kan takardun tebur. Ya gyaɗa kai.

"Kawu, in za ka fara naka aikin, zan kira masu gidajen. Sun ce sun gamsu, za su shaide ka."

"A wurin wa?" in ji shi a hankali. "Shekara nawa ina haɗuwa da su a hanya suna kau da kai. Ni na koya wa kaina kada in fara gaishe su."

Ya miƙa mata makullin mota. Wayar tebur ta yi ƙara, ta ɗauka. Wata mata ce, muryarta ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko za a turo mata dattijon nan dogo, amma ya zo bayan yara sun tafi makaranta. Auta ta ɗaga kai. Ya riga ya fita.

"Wani za mu turo," ta ce.