Ajamin da Ba Ya Tsayawa

Shekara huɗu Zulkifli yana rera waƙar soyayya a Potiskum, shekara huɗu kuma mahaifinsa yana da labarin cewa waƙar faɗakarwa yake yi. Ƙaryar ba ta taɓa ba shi wahala ba. Alhaji Bubayaro, dillalin shanu a kara, kasuwar dabbobin garin, ya kurumce tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi shekara shida baya. Bakinsa garau, har ma ya ƙara ƙarfi, amma duk mai magana da shi sai ya rubuta da ajami a ɗan littafin da ke aljihun rigarsa, domin boko bai taɓa shiga idonsa ba. A littafin nan Zulkifli ya rubuta masa "faɗakarwa", da wasullanta cif, ya koma situdiyo yana kiran Sa'adiyya da muryar mai ciwon haƙori.

Ranar da asiri ya fara wari, tsohon ya dawo daga kara da fara'a. Ya ga wata ƙasida a wayar wani direban tirela, rubutu yana fitowa yana bin mawaƙin, boko a sama ajami a ƙasa, ya karanta ta tun daga farko har ƙarshe.

"Julkifli!" Haka yake kiran sunan, harshen Fillanci bai sake shi ba. "Ashe yanzu ana ganin waƙa da ido? To ka sa a yi mini taka. Wadda ake ta sawa a kara ɗin nan."

Wadda ake sawa a kara ita ce ta Sa'adiyya. Zulkifli ya ɗaga kai ya yi murmushi. Da yana da ko waƙa ɗaya ta wa'azi da ya tura ta gaba, amma duk taskarsa daga "zo" sai "kar ki tafi".

Mai wannan aiki a garin ita ce Munawwara, a wani ɗan shago a Hausari, ita da laftof ɗinta da fanka mai kuka. Mutanenta 'yan asalin Borno ne. Ba ta da yawan dariya, kuma mawaƙa suna tsoronta fiye da yadda suke tsoron masu sharhi a intanet, domin ita take zama ta rubuta abin da suka faɗa kalma kalma, ta tambaye su ma'anarsa.

Zulkifli ya shiga da baƙin tabarau, ya zauna, ya fara zagaye. Ya yabi fankar. Ya yabi aikinta. Daga bisani ya ce ko zai yiwu boko ya ɗauki waƙar yadda take, ajamin kuma a sa masa wasu kalmomi, irin na tsoron Allah da biyayyar iyaye.

"Malam Zulkifli," ta ce, ba ta ɗago ba, "ƙanwarka Adawiyya tana da kunne, kuma ta yi allo. Ita take riƙe wa Baffanku waya. Za ta ji kana cewa Sa'adiyya, ta ga an rubuta lahira?"

Bai yi wannan tunanin ba. Ya ce to ta dai yi, a ga abin da Allah zai yi.

Kwana uku ya dawo ya tarar ta gama, kuma abin haushi, aikin ya yi kyau. Ta nuna masa sautin waƙar shimfiɗe a ƙasan allon kamar haƙoran zarto, ta sa alama a duk inda ya buɗe baki. Kowane layi yana bayyana kamar rabin sakan kafin muryar, don ido ya riga kunne, ya kuma zauna har a gama rera shi da ɗan ƙari. Bokon tana barinsa ya shigo harafi harafi daga hagu. Ajamin ba ta yi masa haka, domin haruffansa a haɗe suke, in aka motsa su ɗaya ɗaya sai su tsinke su koma baƙi ga mai karatu. Layin take rubutawa cikakke, ta rufe shi, sannan ta riƙa yaye murfin daga dama zuwa hagu. Ta zaɓi rubutu irin na allo, mai ɗigon fa a ƙasa, ta kuma ƙara masa girma fiye da bokon don kada wasulla su narke idan WhatsApp ya matse bidiyon.

Sai kuma gwajinta na ƙarshe, wanda duk garin ya sani. Ta leƙa cikin gida ta kira kakarta.

Ya Kaka ta fito tana jan takalmi, ta zauna, ta gyara tabaran da aka ɗaure da zare. Munawwara ta kashe sautin gaba ɗaya. A cewarta mai waƙa da mai haɗa bidiyo ba sa iya auna lokaci, don sun haddace, idonsu yana yi musu ƙaryar cewa sun karanta. Sai wanda bai taɓa jin waƙar ba. Duk layin da ya ɓace kafin Ya Kaka ta kai ƙarshensa, a ƙara masa zama ko a raba shi biyu.

Tsohuwar ta bi rubutun da yatsa, tana karantawa da ƙarfi da karin masu tilawa: "Sa'adiyya, kin wuce ta Hausari ba ki waigo ba. Na tsaya, rana ta ƙare a kaina." Ta dubi Zulkifli ta saman tabarau. "Kai ne ka tsaya? Ba ka da aikin yi ne, ɗan nan?"

Ba layi ɗaya da ya kuɓuce mata. Zulkifli ya ji kamar an tuɓe masa riga a tasha. Idan Ya Kaka mai ido ɗaya da rabi ta karanta, Baffa zai haddace.

A nan dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗinta sosai, kamar yadda wawa yake jin daɗin tasa. Da tsohuwar ta koma ciki ya matso.

"Bokon ki bar shi yadda yake, masoyana suna buƙata. Ajamin ki sa ya riƙa walƙiya. Ya fito, ya juya, ya ɓace. Salo ne, haka ake yi yanzu."

"Sakan nawa?"

"Ko rabi."

"Layi mai kalma takwas a rabin sakan." Ta juyo da kujerarta. "Ba salo ba ne wannan, ka faɗi sunansa. So kake ya gani kada ya karanta."

"Waƙata ce ko taki?"

"Taka ce, Allah ya ba ka haƙurin ta." Ta koma kan laftof, ta kama ƙarshen kowane layin ajami ta janyo shi baya har ya zama ɗan guntu. Minti goma bai cika ba ta lalata aikin kwana uku. Ta goge sunanta daga ƙarshen bidiyon, ta tura masa guda biyu, na Ya Kaka da nasa. "Ka zaɓa da hannunka. Ni ban san komai ba."

Bai ko yi jinkiri ba, ya zaɓi nasa. A kan babur ɗin komawa gida har yana raira amshi.

Bayan la'asar ya samu Baffa a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ƙafafunsa da sauran ƙurar kara. Ya miƙa wayarsa, Adawiyya ta zo za ta karɓa, tsohon ya ce ta ba shi, yau da kansa zai riƙe. Ya goge hannu a riga kafin ya taɓa ta. Ya sa tabarau. Ya tallafe wayar da tafi biyu, ɗan yatsansa a kan ramin sifika, inda kiɗan yake ɗan girgiza fata. Zulkifli ya lura da wannan, ya kawar da kai.

Waƙa ta fara. Bokon ya shigo a natse, ya zauna. Ajamin ya yi wuf ya wuce. Leɓen tsohon ya buɗe zai kama harafin farko, ya rufe a kan iska. Layi na biyu ma haka. Ya matso da wayar kusa da hanci, ya nesanta ta, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Minti huɗu yana farautar rubutu, bai kama ko kalma biyu a jere ba. Da ta ƙare ya ce Adawiyya ta maido ta daga farko. A karo na biyu bai motsa leɓe ba, kallo kawai yake yi.

Zulkifli ya zaro littafin, ya rubuta da sauri: "Haka injin yake yi, Baffa."

Tsohon ya karanta wannan, tunda shi ya tsaya. Ya rufe littafin.

"Julkifli, ni ban iya boko ba, amma na iya ganin abin da ke tsaye da abin da ke gudu. Shekara arba'in ina tsaye a bakin kara ina kallon shanu suna wucewa. Na sama yana zaune har ya gaji. Nawa ne kaɗai ake kora. Inji ɗaya ne ya yi su?"

Muryarsa, da ba ya jin ƙarfinta, ta kai har shagon mai shayi. Mutum biyu suka juyo.

"Sa'adiyya ce, ko? Wadda ba ta waigo ba." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Alhaji Kaumi, dillali ɗan'uwana, ya rubuta mini ita tun bara, shafi biyu, don ya ga na ji kunya a gaban dillalai. Na ce masa yaron ya gaji ubansa ne. Ni ma na yi wa uwarka waƙa a bayan shanu, Julkifli, kuma tawa ta fi taka. Faɗakarwar da ka rubuta mini tana nan a littafi, ban yage ta ba. Na ce ranar da ya ga dama zai faɗa."

Zulkifli ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya tsaya ko ya zauna.

"Rubutun Kaumi ba ya tafiya da kai. Ni so na yi in ga inda kake ja, da inda kake tsayawa ka yi numfashi. Rabona da muryarka tun kana rera wa awaki." Ya juya wayar ya nuna tsakiyar gilashin da yatsa. "Nan ake taɓawa ta tsaya, Adawiyya ta koya mini. Ban taɓa ba. Abin da ɗana ya sa wa gudu don kada in kama, ba zan bi shi da sanda ba."

Zulkifli ya karɓi wayar, ya lalubo ɗaya bidiyon, na Ya Kaka, ya durƙusa ya miƙa. Layin farko ya buɗe daga dama, a hankali, manyan haruffa da wasullansu, ya zauna yana jira.

Alhaji Bubayaro ya dube shi daidai tsawon da zai gane cewa wannan ma tun farko yana cikin wayar. Sannan ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu tare da littafin.

"Adawiyya," ya ce, "kawo mini buta."