Takardar Mutuwar Baba Mai Taya

A shekarar da sojoji suka koma bariki karo na biyu mahaifin Ambrose ya rasu. Tsohon ya shekara talatin yana sayar da tayoyi a Sabon Gari, ya bar shago da asusu a banki. Da aka gama makoki, Ambrose ya zauna ya rubuta wa manajan bankin wasiƙa yana neman a ba iyali damar taɓa asusun. A ƙasa ya jera abin da ya haɗo: takardar shaidar mutuwa, littafin ajiyar marigayi, katin shaidarsa shi Ambrose, da hotuna biyu. Sau uku yana sake kwafewa don kada a raina rubutunsa.

Ma'aikaciyar da ya tarar a banki, Madam Nkechi, ta karanta ta yaba. Ta ce saura takardar izinin kula da gado daga Babbar Kotu. Sai ta ɗaga takardar mutuwar, ta gyara tabarau.

"Wane ne Baba Mai Taya?"

"Babana."

"Mu Okechukwu Nwosu muka sani. Wannan da ya mutu, Allah ya ji ƙansa, ba shi da asusu a nan."

Sai a lokacin Ambrose ya karanta takardar da kyau. Ya hau acaɓa sai Fagge, wajen Malam Hambali mai faci, aminin marigayi, wanda ya kai shi asibiti ranar da ya faɗi.

"Baba, wane suna kuka ba su a asibiti?"

"Sunansa mana."

"Sunansa Okechukwu."

Malam Hambali ya ajiye tiyub ɗin da ke hannunsa. "Tun yaushe? Shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa gaya mini wannan ba!"

Aka ce sai an yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, a kai asibiti su gyara, sannan kotu ta saurare su. Malam Hambali ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, duk hanya yana bitar sunan. A gaban jami'in rantsuwa ya ce Okacuku, ya ce Akwacuku, ya yi gumi. Can ya fusata.

"Ranka ya daɗe, dogo ne, yana da wushirya, ba ya cin kuɓewa. Ni na riƙe kansa a mota. In akwai wani, a kawo shi!"

Jami'in ya yi dariya har da hawaye, ya karanta masa abin da aka buga, ya nuna masa inda zai dangwala.

Wata biyar aka yi kafin takardar kotu ta fito. Ambrose ya sake rubuta sabuwar wasiƙa, jerin ya kai abu bakwai, Madam Nkechi ta buga hatimi ta tura wa manaja. Da yamma ya saya wa aminin babansa tsire ya kai masa Fagge. Malam Hambali ya ci yanka biyu, ya dube shi da zargi.

"Kai kuma, Ambaru, tsakaninka da Allah, mene ne sunanka?"