Minti Biyu a Kan Yaya

Mutumin da ya shekara ashirin da huɗu yana koyarwa a jami'a ba ya buƙatar gwajin magana. Buɗe baki kawai zai yi, jimloli su fito a jere. Dakta ya daɗe da sanin haka, ya kuma tuna wa matarsa ranar Asabar da safe, lokacin da ta tambaye shi ko ya shirya abin da zai faɗa a taron Yaya.

Yaya wansa ne, bakanike. Kwalejin fasaha za ta karrama shi ranar Laraba saboda ɗalibanta da ya yi shekaru yana horarwa a garejinsa. Da aka ce ya zaɓi mai gabatar da shi, sai ya ce ƙanensa ya iya magana. An ba Dakta minti biyu.

"Minti biyun ne matsalar," in ji matar. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da masu cewa lafiyarsu ƙalau. "Kai da sallama kaɗai take cin maka minti biyar. Ɗauki kanka a waya mu gani."

Don a zauna lafiya ya yarda. Ta jingina wayar da littattafai a saman kantar falo, daidai fuskarsa, ta sa shi ya miƙe tsaye, ta ciro agogon da take ƙirga bugun jini da shi. Ya yi gyaran murya ya fara. Da ya gama ya dube ta yana jiran yabo.

"Minti huɗu da daƙiƙa hamsin," ta ce. "Zauna. Sau uku za mu saurara. Na farko don sauri, na biyu don kalmomin cike gurbi, na uku don yanayin murya. Kife wayar, kada kallon hularka ya ɗauke maka hankali."

Muryar da ta fito siririya ce, ta hanci. Dakta ya ce lasifikar ta lalace. Ta ce kowa haka yake cewa, ita kuwa muryar da aka aura mata ke nan.

A sauraron farko suka gano cewa minti uku sun tafi a kan shi mai gabatarwar kansa: inda ya yi digiri, inda ya ƙaro, da takardar da ya taɓa rubutawa kan muhimmancin sana'ar hannu. Nan maganar tana tafe a natse, kamar mai zaga gonarsa. Da aka iso kan Yaya sai ta zura da gudu. Kalmar "bakanike" ma ba ta fito duka ba, rabinta ya maƙale a maƙogwaro.

A na biyu ta ba shi biro da takarda, ya ja layi duk inda ya ji "wato" ko "ka gane" ko "e to". Ya ja ashirin da shida. A minti ukun da ya yi a kan kansa biyu kacal ya samu. Sauran sun yi cincirindo a wuri guda, inda yake bayanin yadda Yaya ya bar makaranta a aji uku na sakandare, shekarar da mahaifinsu ya rasu.

"Wato... bisa wasu dalilai, ka gane, na yanayi... e to, wato bai samu damar..."

Ta tsayar. "Waɗanne dalilai ne na yanayi, Baban yara? Ruwan sama?"

Dalilin shi ne kansa, ga shi zaune a kujera da biro a hannu. Ɗaya ne zai ci gaba da karatu a cikin su biyu, Yaya ya ce Auta ya fi ƙwaƙwalwa, ya tafi gareji. Ba a sake tayar da zancen ba, shekara kusan arba'in.

Na ukun shi ya nemi a kunna da kansa. Ya ji muryar da yake amfani da ita in yana gaya wa ɗalibi ya faɗi jarrabawa: mai laushi, mai tausayi, tana saukowa daga sama. Da ita zai tsaya gaban mutane ya ba da haƙuri a kan wansa, a ranar da aka taru don girmama shi.

"Ke kin taɓa jin ina yi masa magana haka?"

"Ni na saba. Shi ma ya saba. Mutanen ranar Laraba ne ba su saba ba."

Ya ɗauko takarda ya rubuta jawabin daga farko. Ta ce in zai yi magana a natse, kada ya wuce abin da zai cika rabin shafi da ɗan ɗori. Ya soke ƙaro karatu. Ya soke takardar sana'ar hannu, yana jin kamar haƙori ake cire masa. Digirin farko ya yi ta kai gwauro yana kai mari a gefen shafi, daga bisani shi ma ya tafi. Ya ja ɗan layi a tsaye duk inda zai numfasa. Inda "wato" ta saba zuwa, ta ce ya rufe baki ya ƙirga biyu a zuci. Shirun zai yi masa kama da shekara, amma mai sauraro ba zai ji komai ba sai natsuwa.

Ɗauka ta biyar, "wato" tara. Ta takwas, uku, amma murya ta koma ta mai karanta labarai. Ta ce ya daina kallon wayar kamar ɗaliba, ya ɗauka Yaya ne zaune a wurin. A ta goma sha ɗaya ya kai jimlar, ya tsaya, ya ƙirga biyu, ya ce, "Ya bar makaranta don ni in zauna a cikinta." Muryar ta ɗan karye a ƙarshe. Ya miƙa hannu zai goge.

"Bar ta," ta ce. "Minti ɗaya da hamsin. Wannan karyewar ba kuskure ba ce."

Ranar Laraba zauren ya cika da malaman kwaleji da tsofaffin ɗaliban Yaya. Yaya na gaba cikin sababbin kaya, ya ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur saboda baƙin mai da ya ƙi fita daga farce. Dakta ya hau, ya ce shi ƙanen wanda ake karramawa ne, bai ƙara komai a kan kansa ba. Ya faɗi "bakanike" gaba ɗayanta, a hankali. "Wato" ɗaya ta kuɓuce masa, ya ga matarsa ta ɗaga yatsa daga layi na uku. Da ya kai jimlar, ya yi shirunsa, ya faɗe ta. Yaya ya sunkuyar da kai, sannan ya fito da hannayensa ya ɗora a kan tebur.

Bayan an tashi Yaya ya kama shi a kafaɗa. "Auta, yau ka yi gajeren bayani. Lafiya kuwa?"

"Lokaci aka ba ni, Yaya."

"To, na ji." Ya ƙara matse kafaɗar, mutane suka janye shi ɗaukar hoto.

Dakta na tsaye shi kaɗai sai wani jami'in kwalejin ya iso da sauri. "Kai ne ƙanen Oga, ko? Ka yi ƙoƙari wallahi, kamar wanda ya yi karatu. Don Allah kama mana kujerun nan a kai baya, za a shigo da abinci."

Dakta ya buɗe baki. Ya rufe, ya ƙirga biyu. Ya miƙa wa matarsa takardar jawabin, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki kujeru huɗu a haɗe ya bi bayan jami'in.